Kafin a ƙwace wayar, a fara raba ta da gado

*Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Jidda ce. Babbar 'yata shekararta 15, bana ta shiga ajin farko na sanawi, wato babbar sakandare. Da makinta ba ya sauka ƙasa da 90, amma na zangon da ya wuce da muka duba a Nur, shafin intanet da ake ganin sakamakon ɗalibai, 78 ta samu. Tun da babanta ya saya mata jawwal ba ta da aiki sai TikTok da Snapchat. In na farka ƙarfe biyun dare sai in hango haske a ƙarƙashin bargonta. Biyar da rabi da kyar nake tashinta, in ta dawo daga makaranta kuma ta kwanta sai an kira magariba. Malamarta ta ce gangar jikinta ce kawai a aji. Babanta ya ce a ƙwace wayar har ta gama sanawi. Ƙanwata kuma ta turo mini bidiyon wani yana cewa bincike ya tabbatar waya tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Don Allah Anti ki faɗa mini ainihin abin da binciken ya ce, da abin da zan yi. Tsorona kar a ce ƙwaƙwalwarta ta riga ta taɓu.*

*Uwa mai damuwa, daga Jidda*

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su bisa sunna. Ki kwantar da hankalinki kan batun taɓuwar ƙwaƙwalwa. Abin da nake gani a takardarki bashin barci ne, da dare da rana da suka juye wa yarinya, kuma duka biyun suna gyaruwa.

Masu bincike sun yi shekaru suna bibiyar tambayoyi uku a kan matasa da soshiyal midiya: shin tana cinye musu barci, shin tana raba musu hankali, shin tana karya musu sakamako. Masu bidiyo sukan haɗa ukun su ce an tabbatar. To hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta barci ita ce mai ƙarfi, ta hankali tana tsaka-tsaki, ta sakamakon jarrabawa kuma ita ce mafi rauni, duk da cewa ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali. Sanin wannan bambancin shi zai nuna miki inda za ki sa ƙarfinki.

Mu fara da barcin. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. A shekarar ce kuma Ben Carter da abokan aikinsa suka tattara bincike guda 20 da aka yi a kan yara sama da 125,000, suka zuba sakamakon wuri ɗaya. Yaran da ke latsa waya a lokacin kwanciya, haɗarin ƙarancin barci a wajensu ya ninka na sauran fiye da sau biyu, haɗarin gyangyaɗin rana kuma ya kusa ninkawa uku. Abin da ya fi jan hankalina a aikin nan shi ne, har yaran da suka ce ba sa taɓa wayar, tana dai ajiye a ɗakin kwanansu, su ma barcinsu ya fi na sauran tawaya. Wanda ke jiran saƙo ba ya sakin jiki. Kuma mu faɗi gaskiya, ba kowane “ban taɓa ba” ne za a rantse a kansa ba.

Wani aikin da ya fi kusa da halin 'yarki an yi shi a Birtaniya, aka buga a 2019. Holly Scott da abokan aikinta na jami'ar Glasgow sun duba bayanan matasa 11,872 masu shekara 13 zuwa 15. Kusan ɗaya cikin biyar suna yin awa biyar ko fiye a soshiyal midiya kullum. Idan aka kwatanta su da masu yin awa ɗaya zuwa uku, yiwuwar su wuce sha ɗayan dare ba su yi barci ba a daren makaranta ta ɗara da kusan kashi 70 cikin ɗari. Sun kuma fi shan wahalar komawa barci in sun farka tsakar dare.

Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani game da irin waɗannan binciken. Yawancinsu takardar tambayoyi ake raba wa yara, a ce awa nawa kike yi a waya, ƙarfe nawa kike barci, sai a gwada amsoshin. Wannan yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, amma ba ya nuna wanne ne ya jawo wanne. Yarinyar da barci ya ƙi zuwa mata saboda wata damuwa, waya za ta ɗauka ta rage dare, ga shi a takarda za ta fito cikin waɗanda “waya ta hana barci”. Bayan haka mutane ba su iya ƙiyasta lokacin da suke yi a waya ba. Wani nazari na 2021 da ya gwada abin da mutane suka faɗa da abin da wayoyinsu suka rubuta ya tarar da wuya su dace. Shi ya sa na fi ba da nauyi ga aikin da aka auna da na'ura, ko aka gwada canza wani abu aka ga abin da ya biyo baya.

Irin wannan akwai ɗaya daga jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand, na 2024. Yara 79 ne kacal, masu shekara 11 zuwa 14, amma an rataya musu ƙaramar kyamara a ƙirji da yamma, aka kafa wata a ɗakin kwana, aka kuma ɗaura musu na'urar auna barci. Ba wanda aka tambaya, gani aka yi. Kallon waya cikin awa biyu kafin a hau gado bai rage yawan barcin daren da wani abin a zo a gani ba. Wayar da aka hau gado da ita ce ta yi ɓarnar: ta jinkirta barci da kusan rabin awa, kuma ɓarnar ta fi yawa in yaron yana rubuta saƙo ko yana wasan gem, fiye da in kallo kawai yake yi. Wannan sakamakon shi ne ginshiƙin shawarar da zan ba ki.

Za ki ji ana yawan ɗora laifin kan shuɗin hasken sikirin. Da gaske haske da dare yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi. Amma a gwajin da ya shahara kan wannan, wanda aka yi a Boston aka buga a 2015, manya 12 aka sa suna karatu a iPad mai cikakken haske awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, jinkirin kamuwar barcin kuwa kusan minti goma ne. Minti goma ba shi ya kai 'yarki ƙarfe biyu ba. Kar ki kashe riyal kan gilashin tare shuɗin haske kina zaton an gama. Bidiyon da ba shi da ƙarshe, da hirar da kowa ke jiran amsar kowa, su ke cinye daren.

Ga wani abu da binciken Turawa ba zai faɗa miki ba. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Lokacin da 'yan uwanta na Kano ko Damagaram suka ci tuwon dare suka baje kolin hira a guruf ƙarfe goma, ita a nan sha biyu ta buga. Su yi sallama sha biyunsu, ita biyu ta yi mata. Ki bincika da su wa take hirar tsakar daren nan, ba mamaki 'ya'yan yayyenki ne.

Kuma kar mu ɗora wa jawwal komai. Garin nan ba ya kwanciya da wuri, ke ma shaida ce: sai bayan isha ake fita kasuwa, ake ziyara, ake sauke abincin dare, ga gahawa da shayi suna zagayawa har sha ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2014 kan ɗaliban sanawi kusan dubu a nan Jidda ya samu matsakaicin barcinsu a ranakun makaranta awa bakwai ne, kuma kusan ɗaya cikin goma kwana suke yi a farke, sai sun dawo daga makaranta su kwanta. A lokacin ba a ma ƙirƙiro TikTok ba. Ƙari a kan haka, balaga kanta tana tura agogon jiki gaba. Mary Carskadon da abokan aikinta sun nuna tun shekarun 1990 cewa matashi ba ya jin barci da wuri kamar yadda yake ji yana ƙarami. Wato in kin kora ta ɗaki ƙarfe tara ta ce ba ta jin barci, ba lallai ƙarya take yi ba.

Yanzu batun hankali, wanda nake jin a nan mai bidiyon ya samo maganarsa. Binciken da aka fi ambata na Los Angeles ne, an buga shi a 2018. An ɗauki ɗalibai 2,587 masu shekara 15 da 16 waɗanda ba su da alamun matsalar rashin tsayuwar hankali da likitoci ke kira ADHD, aka bi su shekara biyu. Cikin waɗanda ba sa yawan leƙa waya, kashi 4.6 cikin ɗari ne alamun suka bayyana musu. Cikin waɗanda suka fi kowa leƙawa, kashi 10.5. Ninki biyu ke nan, ba abin rainawa ba ne. Amma ki juya lissafin: ko a cikin masu tsananin, kusan tara cikin goma ba su nuna alamun ba. Kuma alamun su yaran ne suka faɗa a takarda, ba likita ne ya duba su ya ce suna da cutar ba. Tsakanin wannan da “waya tana lalata ƙwaƙwalwa” akwai tafiya mai nisa.

Abin da aka gwada aka gani ƙuru-ƙuru shi ne yadda ƙarancin barci ke kashe natsuwa. A Singafo an killace matasa 56 daga makarantun da suka yi fice, aka raba su biyu. Rabi awa tara a gado, rabi awa biyar, har dare bakwai. Masu awa biyar ɗin kullum natsuwarsu ƙara zubewa take yi, ana nuna abu a gabansu ya wuce ba su ankara ba, ga saurin aiki ya ragu, ga rashin walwala. Bayan an ba su dare biyu su rama, natsuwar ba ta dawo yadda take ba. Waɗannan fa haziƙan yara ne, kuma ba waya aka gwada a kansu ba. Ki lissafa na 'yarki: daga biyu zuwa biyar da rabi awa uku da rabi ne. Da wannan take zama a gaban malamar lissafi ƙarfe bakwai na safe. Ni ba na buƙatar wani bayani na daban kafin in fahimci abin da malamar ta gani. Wannan binciken kuma ya nuna miki cewa ramuwar barcin Juma'a da Asabar ba ta biyan bashin Lahadi zuwa Alhamis.

Sakamakon makaranta kuwa, a nan ne za ki yi mamaki. A 2018 Caroline Marker da abokan aikinta a Jamus suka haɗa bincike 59 kan ɗalibai kusan 30,000. Alaƙar yawan shiga soshiyal midiya da faɗuwar maki ta fito, amma 'yar ƙarama ce ƙwarai, ta yadda in aka ba ki adadin awannin yaro a waya ba za ki iya cankar makinsa ba. Masu amfani da ita wajen tattauna darasi ma makinsu ya ɗan fi. Inda alaƙar ta fi nauyi shi ne wajen masu haɗa karatu da leƙa waya a lokaci guda, littafi a cinya, waya a gefe tana ƙyalli. Duk leƙe ɗaya sai hankali ya sake neman inda ya tsaya, sai a yi zaman awa biyu a tashi da abin da bai kai na rabin awa ba. Hatta hana waya a makaranta, sakamakonsa ya rarrabu: wani bincike a Ingila ya ga ɗalibai masu rauni sun amfana, da aka maimaita irinsa a Suwidin ba a ga bambanci ba.

To ta yaya matsakaicin tasiri zai zama ƙarami, ita kuma ta zubar da maki goma sha biyu? Saboda matsakaici ya haɗa mai minti ashirin bayan la'asar da mai kwana a kai. 'Yarki tana can ƙarshen layin. Sannan ki tuna ta canza mataki: daga mutawassit, wato ƙaramar sakandare, zuwa sanawi darussa suna ƙara nauyi, yara da yawa makinsu yakan ɗan sauka a shekarar farko ko babu waya. Ba zan ce dukan sha biyun nan na jawwal ba ne. Abin da zan iya cewa, hanyar da ta fi bayyana daga waya zuwa maki ta barci take bi, sai kuma ta karatu da rabin hankali. Waɗannan biyun za ki toshe.

Mako na farko kada ki canza komai, ki auna tukuna. In iPhone ce ki shiga Settings, sannan Screen Time. In Android ce ki nemi Digital Wellbeing. Ku buɗe tare da ita, ba a bayan idonta ba. Jimillar awannin za ta iya tayar miki da hankali, amma ba ita nake so ki duba ba. Ki danna rana ɗaya, zanen zai nuna awa bayan awa. Ki duba abin da ke tsakanin sha ɗayan dare da asuba, da kuma lokacin da take cewa tana bita. Ki samu takarda ki riƙa rubuta abu huɗu kullum: lokacin kashe fitila, lokacin tashi, tsawon barcin rana, da shayi ko gahawa ko lemon ƙara kuzari da ta sha bayan la'asar. Ba don tuhuma ba ne. In babu wannan takardar, bayan wata guda ke da Alhaji za ku yi ta musu kan ko an samu sauyi.

Daga mako na biyu, waya ta daina kwana a ɗakinta. A sa caja a falo ko a ɗakinki, a tsayar da lokaci, misali goma da rabi. In ta ce da ita take sa ƙararrawar asuba, agogon tebur ba shi da tsada. Ki lura da tablet ɗin ƙannenta da tsohuwar wayar da ke cikin durowa, domin nan ake komawa. Akwai Downtime a iPhone da ke rufe manhajoji a lokacin da aka sa, yana taimakawa, amma yaran yanzu sun fi mu sanin hanyar kewaye shi, don haka kar ki dogara da shi kaɗai. Kuma dokar ta hau kan kowa. In ke kina kan gado kina sauraron saƙonnin guruf ɗin biki har sha biyu, ba za ta ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Kar ki sa ran abin al'ajabi daga wannan matakin shi kaɗai. A Ostireliya an sa matasa 63 su ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya na tsawon mako guda na makaranta, ƙarin barcin da suka samu minti 21 ne a dare. Ribar 'yarki za ta iya fin haka tunda nata ya yi nisa, amma daren farko za ta kwanta ido biyu tana juyi har wajen biyun da jikinta ya saba, ta fito da safe ta ce kin gani, ba wayar ba ce. A nan iyaye da yawa suke karaya.

Dalilin shi ne barcin ranar nan. Jiki yana tara buƙatar barci ne gwargwadon daɗewarsa a farke. Wadda ta kwanta biyu da rabi na rana ta tashi shida, ta riga ta ci rabin barcinta, kamar wanda ya cika cikinsa da la'asar ne aka kawo masa tuwo da magariba. Ba cewa nake a hana ta ƙailula ba. Masu binciken Singafo ɗin nan sun sake wani gwajin suka ga matasan da ke cikin ƙarancin barci sun fi natsuwa in an ba su ɗan barcin rana. Gajarta shi za a yi: kwana ukun farko awa biyu, sannan awa ɗaya da rabi, har ya tsaya a awa ɗaya, kuma ta tashi ta yi la'asar a kan lokaci. Tashin zai yi wuya, za ki sha kumbure-kumbure. Ki yaye labule, ki kunna fitila, ki ba ta wani aiki da zai tsayar da ita a ƙafa.

Lokacin kwanciyar dare kuma a riƙa jawo shi baya da rabin awa duk bayan kwana biyu ko uku: ɗaya da rabi, ɗaya, sha biyu da rabi, a haka. Kafin nan ta karanta littafi ko ta yi tilawa a falo da fitila marar ƙarfi, sai barci ya zo ta shiga ɗaki. Daga ƙarfe biyu zuwa goma da rabi taki bakwai ne, wato wajen mako biyu zuwa uku. In ta kai can, goma da rabi zuwa biyar da rabi awa bakwai, a ƙara awa ɗaya ta rana, takwas ta cika. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake so, amma shi gidan Jidda zai iya riƙewa. Shayi da gahawa su tsaya daga la'asar. Daren Alhamis da na Juma'a a yi sassauci, amma kar ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a kan na kullum, in ba haka ba ranar Lahadi an koma gidan jiya. Ki fara yanzu da sauran zango, ba a fafe gora ranar tafiya. Makon jarrabawa ba lokacin gyaran agogo ba ne. Ki kuma sani Ramadan da dogon hutu za su wargaza tsarin, a sake ɗaura shi mako biyu kafin a koma makaranta.

Lokacin bita, wayar ta kasance a wani ɗakin, ba a kife a kan tebur ba. Minti arba'in na karatu, minti goma ta je ta duba abinta ta dawo. In aikin yana kan manhajar karatu ta Madrasati ko malama ta turo shi ta guruf, ta buɗe, ta kwafe abin da ake so a takarda, ta mayar da wayar.

Game da shawarar Alhaji, na fahimci zafin da ya sa ya faɗa, amma ban goyi bayan ƙwacewar shekara uku ba. Hujjar da muke da ita kan wayar dare ce da wayar lokacin karatu, ba kan mallakar waya ba. Ƙwacewa za ta raba ta da guruf ɗin aji da 'yan uwa na gida, kuma abin da ya fi yawan biyo baya shi ne wayar aro ko ta ɓoye, wadda ba ku san da ita ba balle ku sa mata ido. Ki same shi cikin natsuwa, ki nuna masa zanen daren nan na Screen Time, ki roƙe shi mako shida. Zai fi kyau ma shi ya sanar da dokar cajar falo da bakinsa, ya kuma fara ajiye tasa. Ita ma a ba ta abin zaɓa, ko da tsakanin goma da goma da rabi ne, a kuma faɗa mata tun farko abin da zai faru in an kama waya a ɗaki: ta rasa ta washegari, kwana ɗaya, ba tare da faɗa ko gori ba.

Yadda za ki gane ana samun nasara, kar ki fara da duba Nur, maki shi ne ƙarshen abin da ke motsawa. Farkon alama ita ce tashin asuba ya yi sauƙi, kira ɗaya ko biyu. Sai barcin rana ya fara gajarcewa da kansa. Bayan mako uku ko huɗu ki tambayi malamar ko ta ga bambanci a darasin farko da na biyu. Ƙananan gwaje-gwajen aji za su biyo baya, sakamakon zango kuma sai an kai ƙarshensa.

In mako shida ya cika, takardarki ta nuna tana samun awa takwas, amma har yanzu a gajiye take ko hankalinta ba ya aji, to a daina zargin waya a nufi asibiti. A auna jininta, domin ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga 'yan mata da suka fara al'ada, kuma yana kawo kasala da rashin natsuwa. A duba idonta. Ki saurara ko tana minshari mai ƙarfi da dare. Batun ADHD kuwa, likita zai tambaya ko alamun sun fara tun kafin ta kai shekara 12, don haka ki tuno yadda take a firamare.

Akwai kuma abin da ba a jira mako shida a kansa. In kin ga ta daina cin abinci, ta janye daga ƙawayenta, tana kuka ba dalili, ko tana firgita in saƙo ya shigo, ko ta ruɗe fiye da kima ranar da aka ce waya za ta kwana a falo, to wataƙila ba nishaɗi ke riƙe ta a farke ba. Yana iya zama cin zarafi a guruf, ko wani yana yi mata barazana da hoto, ko baƙin ciki ne da ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ranar ki ajiye maganar maki gaba ɗaya, ki ja ta ɗaki ku biyu, ki ce mata duk abin da ta faɗa ba za a doke ta ba, kuma ba za a fasa mata makaranta ba. In ta furta wata magana ta gajiya da rayuwa ko cutar da kanta, a ga likita a ranar.

Ki rubuto mini bayan mako shidan, ki haɗo da takardar lokutan barcin. Allah ya yi mata albarka, ya ba ku ladan tarbiyya.